Silaidar sauti: rabinta na sama kamar ba ya aiki, ƙasa-ƙasa kuma sai tsalle

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wasan dara na burawuza, kuma akwai kiɗa mai taushi da yake tashi a bayan fage. Na saka silaida daga 0 zuwa 100 don mai wasa ya daidaita ƙarar kiɗan daban da ƙarar motsin 'ya'yan dara. Ga abin da na rubuta:

```js
gainNode.gain.value = slider.value / 100;
```

Matsalar ita ce daga 100 har zuwa wajen 40 kunne bai cika jin an rage wani abu ba. Daga 10 zuwa ƙasa kuwa, ko ɗan motsi kaɗan aka yi sai sautin ya faɗi warwas. Da iyafis ma ta fi fitowa fili: 3 ta yi ƙara, 1 ta yi ƙasa, 2 ce kawai ta rage mini a tsakani. Na duba, lambobin da silaidar take bayarwa daidai suke. Ina gizo yake saƙa?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Ai sananniyar matsala ce wannan, kunnen ɗan Adam da logaridim yake ji. Ki saka log kawai ki huta:

```js
gain = Math.log10(1 + 9 * x);
```

x ita ce lambar silaida a raba da 100, daga 0 zuwa 1. A 0 zai ba ki 0, a 1 zai ba ki 1.

Sadiya: Na gwada yanzun nan, Malam Kabiru. Kamar ma abin ya ƙara ta'azzara. Na ja har 20 kiɗan yana nan daram.

Balarabe: Dole ya ta'azzara. Kabiru, maganarka ta farko tana kan hanya, amma ka juya dabarar baibai. Tun da kunne ne yake yin logaridim ɗin, kai abin da za ka ba shi kishiyarsa ne, don su soke juna. In ka sake saka log a kod, ka ninka laifin ne. Duba tsakiyar silaida a dabararka: log10 na 5.5 ya ba da 0.74. Wato an ja silaida rabi amma an bar kashi 74 cikin 100 na sautin. Na Sadiya na farko ma 0.5 yake bari, ga shi tana kuka da shi.

Sadiya, kafin ki canza komai, ki fara auna abin da kod ɗinki na yanzu yake yi. Lambar da kike ba `gain` ninki ce kawai, ana ninka kowane ɗigon sautin da ita. Don ki san yadda kunne zai ɗauke ta sai ki mayar da ita desibel:

```js
db = 20 * Math.log10(gain);
```

Ki saka wannan ki buga a konsol yayin da kike jan silaidar. A 50 za ki ga -6. A 25 za ki ga -12, a 10 kuma -20. Daga nan sai gangara: 5 ta ba da -26, 2 ta ba da -34, 1 ta ba da -40. Ki lura da kyau, daga 100 zuwa 50, rabin tafiyar silaidar gaba ɗaya, desibel 6 kika rage. Daga 2 zuwa 1, taki ɗaya tak, shi ma desibel 6 ne. A wajen kunne waɗannan biyun kusan tafiya ɗaya ce. Shi ya sa sama take kamar matacciya, ƙasa kuma take tsalle.

Kabiru: To ai ni abin da nake nufi kenan, akwai log a ciki ko ta wane gefe.

Balarabe: Akwai shi a wajen awo. A wajen aiki ɗaga lamba ake yi, ba log ba.

Malam Habu: Bari in sa baki, duk da ni ba marubucin kod ba ne, aikina miksa ne a ɗakin naɗar sauti. Abin da Injiniya Balarabe ya faɗa haka yake a hannunmu kullum. Kunne ba ya tambayar nawa aka ƙara, yana tambayar ninki nawa aka yi. Kamar mai cefane ne: a ƙara masa naira 50 a kan kayan naira 100 sai ya yi tsalle, a ƙara 50 ɗin a kan kayan naira 10,000 ko gezau.

Lambobi biyu nake so 'yar uwa ki riƙe. Canjin da bai kai desibel 1 ba, yawancin mutane ba za su kama shi a cikin kiɗa ba. Takin farko na silaidarki, daga 100 zuwa 99, bai kai 0.1 ba, to kin ga sai kin yi taki fiye da goma kafin wani ya ce an taɓa wani abu. Na biyu, kafin mutum ya ce "an rage rabi", sai an sauke wajen desibel 10. Wannan ba doka ba ce irin ta lissafi, daga gwajin da aka yi da kunnuwan mutane ta fito, kuma tana ɗan motsi gwargwadon irin sautin. Amma mun saba aiki da ita. Tsakiyar silaidarki -6 ce, kunne zai ce wajen biyu bisa uku na ƙarar yana nan. Rabin da mai wasa yake nema yana can wajen 32.

Ummi: Ni ma irin wannan matsalar nake fama da ita wallahi. Ina da tarin karatuttuka da aka naɗa a wurare daban-daban, wani da waya wani da makirfo. In ɗaya ya ƙare na gaba ya shigo sai ka ji kamar kunnenka zai fashe, wani kuma sai ka manna wayar a kunne. Wannan dabarar ta desibel za ta gyara mini?

Malam Habu: A'a Hajiya Ummi, naki ciwon daban ne. Silaidarki ba ta da laifi, fayilolin ne ba a naɗe su a mataki ɗaya ba. Abin da kike buƙata shi ne a auna ƙarar kowane fayil a daidaita su tun kafin su iso silaida. In kina da ffmpeg akwai `loudnorm` a ciki, aikinsa kenan. Ki buɗe wani zaren in nuna miki, kar mu cakuɗa wa Sadiya nata.

Ummi: To madalla, na gode Malam.

Sadiya: Na buga lambobin, sun fito yadda Injiniya ya ce sak. To yanzu me zan rubuta a maimakon raba ɗari?

Balarabe: Ki juya tunanin. A yanzu silaidarki tana raba ninki daidai wa daida. Ki sa ta raba desibel daidai wa daida, sannan ki mayar da desibel ɗin ninki a ƙarshe, tun da shi `gain` ninki kaɗai ya sani. Da farko ki yanke faɗin da kike so, a ce desibel 60 daga sama zuwa ƙasa:

```js
function silaidaZuwaGain(x) {
  if (x <= 0) return 0;
  const db = (x - 1) * 60;
  return Math.pow(10, db / 20);
}
```

Yanzu kowane taki cikin ɗarin nan desibel 0.6 ne, ko a sama yake ko a ƙasa. Layin `if` ɗin nan kar ki cire shi. Desibel ba shi da lambar da take nufin shiru, duk yadda kika sauka akwai saura. In babu layin, 0 a silaida za ta ba ki -60, wato ninki 0.001, kuma a ɗaki mai tsit da iyafis mai kyau ana iya jin ɗan raɗa. Mutum kuwa in ya kai silaida ƙarshe shiru yake so.

Kabiru: Me ya sa 20? Ni abin da aka koya mana a fiziks 10 log ne.

Balarabe: Ba a koya maka ƙarya ba, 10 ɗin na awon iko ne, wato wat. Amma `gain` tsawon igiyar sautin yake ninkawa, kuma iko yana tafiya ne da wannan tsawon a ninke da kansa. In ka rage tsawon rabi, iko ya koma ɗaya bisa huɗu. 10 log na ɗaya bisa huɗu -6 ne, 20 log na rabi ma -6 ne. Amsa ɗaya. Inda ake faɗawa rami shi ne mutum ya rubuta `db / 10` a wancan layin na ƙarshe. Sai ya nemi -20 ya samu ninki 0.01, wanda a gaskiya -40 ne. Komai ya ninka, kuma kod ba zai yi ƙorafi ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ba wa aikin -6, in bai dawo maka da kusan 0.5 ba akwai matsala.

Baba Ɗanladi: Ku yaran nan kuna ta wahala da abin da muka gama da shi tun zamanin rediyo mai kaset. Maɓallin murɗa murya a amfilifaya iri biyu ne a kasuwa, siffarsu ɗaya, ƙafafunsu uku. Yawancin waɗanda muke samu, mai harafin B a jiki tafiyarsa miƙaƙƙiya ce, mai harafin A shi ne na murya. In yaro ya cire A100K da ya lalace ya saka B100K, rediyon zai yi aiki, amma da ka ɗan murɗa sai ya kwatsa ihu, sauran murɗin kuma duk banza. Ni ba na ma dogara da harafin, don wasu tsofaffin kayan Turai harufansu a juye suke. Mita nake ɗorawa in kai shi tsakiya. In ya nuna rabi, ba na murya ba ne. Na murya a tsakiya wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 yake bari.

Balarabe: Allah ya ƙara girma Baba. Kashi 10 ɗin nan da ka ambata, a lissafinmu -20 kenan a tsakiya. Ku riƙe lambar, ina jin za mu dawo kanta.

Sadiya: To ga sakamako. A kwamfuta da iyafis abin ya yi daɗi sosai, ko'ina na ja ina jin canji. Amma da na buɗe a waya da sifikarta, daga 50 zuwa ƙasa babu komai. Shiru kake ji. Yanzu rabin ƙasa ne ya mutu a maimakon na sama. Ko akwai kuskure a kod ɗin?

Malam Habu: Babu kuskure, faɗin ne ya yi yawa. Da 60, tsakiyar silaida -30 ce. A lissafin kunne an raba ƙarar biyu har sau uku, saura ɗaya bisa takwas. Kuma ki tuna silaidarki ba ita kaɗai take ragewa ba. Kin ce kiɗan mai taushi ne, to tun a fayil ba a cike yake ba. Sannan ga maɓallin muryar wayar kanta, wanda da wuya a bar shi a ƙarshe. Duk waɗannan ragin haɗuwa suke yi, desibel a kan desibel. In kuma fanka tana juyawa ko janareton maƙwabci yana aiki, abin da ya rage ya nutse a ƙarƙashinsu.

Akwai kuma wani abu na kunne da silaida ba za ta gyara ba. In sauti ya yi ƙasa, kunne ya fi saurin rasa amo mai kauri fiye da na tsakiya. Fletcher da Munson sun auna wannan tun 1933. In kiɗanki ganga ce ta fi yawa a ciki, zai ɓace da wuri fiye da na sarewa, ga shi sifikar waya dama ba ta iya fitar da kauri. Saboda haka ki yi gwajin da ainihin kiɗan da zai kasance a wasan, ba da wani ba.

Ni a ganina 60 na fedar miksa ce, inda ake aiki a ɗaki mai toshe da manyan sifikoki. Don waya ki gwada 40. Tsakiya za ta zama -20, daidai da maɓallin Baba.

Mamman: Gaisuwa daga Maraɗi. Ni ban ga abin dogon lissafi ba a nan. A Unity nake aiki kuma layi ɗaya ne ya raba ni da wannan matsalar, kowa ma shi yake amfani da shi:

```csharp
mixer.SetFloat("Kida", Mathf.Log10(x) * 20);
```

Sai ka sa ƙaramar lambar silaida 0.0001 don kar log ya ci karo da sifili. Shi ke nan, silaida ta koma desibel. Sadiya ta nemi makamancinsa a JavaScript.

Kabiru: Yawwa! Ga log ɗin nan da ake ta musa mini.

Balarabe: Malam Mamman, saka 0.5 a layinka ka faɗa mana abin da ya fito.

Mamman: -6.

Balarabe: To ka ga, -6 ɗin Sadiya ce ta farko, wadda ta kawo ƙara a kanta. Layinka yana ɗaukar x ya mayar da shi desibel, shi kuma AudioMixer a cikinsa sai ya mayar da desibel ɗin ninki. An je an dawo, ninkin da ya fito shi ne x ɗin da ka saka. Bai bambanta da raba ɗari da komai ba.

Abin da ya sa ake ganin kamar magani ne, a Unity cutar daga ɗaya gefen take zuwa. Miksar desibel take karɓa, har zuwa -80. Sabon shiga sai ya haɗa silaida kai tsaye daga -80 zuwa 0, tsakiya ta zama -40, rabin silaidar ya zama shiru. Irin abin da ya samu Sadiya da 60 kenan, har ya fi muni. In ya saka layinka sai sauti ya dawo ya cika silaidar, ya ce an gyara. Ya gudu daga faɗin da ya yi yawa ne ya koma miƙaƙƙen layi.

Mamman: Lissafin na gani, ba zan musa ba. Amma wasana yana hannun mutane kuma ba wanda ya taɓa ce mini silaida ba ta aiki. Yawanci ko su bar ta a sama ko su kashe kiɗan ɗungurungum.

Malam Habu: Wannan ma gaskiya ce. Mai jin wasa a sifikar waya a cikin hayaniya desibel 20 na sama kaɗai yake amfani da su, kuma miƙaƙƙiyar silaida ta ba su kashi 90 na tsawonta. Shi ba zai ga laifinta ba. Mai iyafis da daddare ne yake shan wahala, kuma irinsu ba su cika rubuto ƙorafi ba, kashe kiɗan suke yi. Ta yiwu wasu cikin masu kashewar nan naka su ne.

Mamman: Ta yiwu. Ta yiwu kuma kiɗan ne bai musu ba.

Balarabe: In kana son gwadawa ba sai ka rushe komai ba. Mayar da 20 ɗin 40, tsakiya ta koma -12. Ko ka mayar da shi 60, ta koma -18. Sai dai ka tare shi da `Mathf.Max` kar ya wuce -80.

Zainab: Wannan na ƙarshen shi nake ta jira a ambata. 60 log x ai daidai yake da a ce `gain = x * x * x`. Ni abin da nake yi kenan a duk manhajar da na rubuta, kuma PulseAudio na Linux ma da ninki uku yake lissafa silaidarsa. Ba `if`, ba zaɓen faɗi, ba tsalle a ƙarshe, don sifili sau uku sifili ne da kansa. A 75 kina da -7.5, a 50 kina da -18, a 25 kina da -36. Ya Sadiya, ki gwada shi kafin ki shiga gyare-gyaren 40 da 50.

Balarabe: Ba na ƙin sa. Abin da nake gani kawai, takinsa ba daidai suke ba. A sama taki ɗaya wajen 0.26 ne, amma daga 25 zuwa 10 ya zube desibel 24, kuma a 10 ya riga ya kai -60. Kashi goman ƙarshe ba a jin komai a cikinsa. Sannan in wata rana kika so rubuta wa mai amfani lambar desibel a gefen silaida, ko maɓallin ƙari da ragi mai taki ɗaya, hanyar desibel ta fi tsafta.

Zainab: Wasan dara ne fa Injiniya, wa zai karanta desibel? Kuma mutuwar kashi goman ƙarshe ba aibi ba ce, nan ne dama ake sa ran sauti ya tafi. Naka ne ma yake da aibi a can: da faɗin 40, silaida a 1 tana wajen -40, a 0 kuma shiru. Mai iyafis zai ji an datse.

Sadiya: Zainab ta faɗi gaskiya a nan. Na saka 40, a waya ya yi daidai, tsakiya tana jiyuwa kuma sama tana aiki. Amma da iyafis, in na kai 1 kiɗan yana nan sarai, sai kuma ɗif. Na gwada ninki uku shi ma, ƙarshensa ya fi laushi, sai dai a sifika daga 30 zuwa ƙasa ya tafi.

Balarabe: Haka lissafi ya nuna, 30 a ninki uku wajen -31 ce, a faɗin 40 kuma -28. Ba su yi nisa a nan ba, daga nan ne suke rabuwa: a 20 ɗaya yana -42, ɗayan yana -32. Datsewar kuma ana gyara ta da layi ɗaya. Ki bar desibel ya yi aikinsa har zuwa 10, daga nan ki ƙara masa gangara zuwa sifili:

```js
function silaidaZuwaGain(x) {
  const db = (x - 1) * 40;
  let g = Math.pow(10, db / 20);
  if (x < 0.1) g *= x / 0.1;
  return g;
}
```

A 10 kina -36, a 5 kina -44, a 1 kina kusan -60, a 0 kuma ninkin ya zama sifili da kansa, don haka tsohon `if` ɗin ya fita.

Zainab: Wato ka yi layi huɗu don ka kwaikwayi abin da nawa yake yi a layi ɗaya.

Balarabe: Na yi layi huɗu don in samu desibel 10 da naki ya zubar a 20.

Malam Habu: Ku bar ta ta saurara da kunnenta. Amma 'yar uwa ga yadda za ki gwada don kar ido ya yaudare ki. Ki ba wani wayar ya riƙa ja ke kina kallon wani wajen, ki ce masa ya tsaya in kin ji an rage rabi, sannan ki duba inda ya tsaya. In wajen 30 ne, har yanzu miƙaƙƙiya ce. Da faɗin 40 ya kamata ya tsaya kusa da 75. Kar wannan ya dame ki, ba dole ne rabin silaida ya zama rabin ƙara ba. Abin da ake nema shi ne ko'ina hannu ya motsa kunne ya ji an motsa.

Kabiru: In dai ana son tsakiya ta zama rabin ƙara sak, ai sai a ɗaga x zuwa 1.66, tsakiya ta faɗa -10. Ko nan ma na juya?

Malam Habu: A'a wannan karon ka dace, 0.5 a ɗage zuwa 1.66 yana ba da wajen 0.316. Akwai masu son haka. Ni dai ina ganin bai ba mai jin sauti ƙasa-ƙasa isasshen fili ba, don a 10 bai wuce -33 ba. Amma ya fi miƙaƙƙen nesa ba kusa ba.

Sadiya: Wani abu kuma ya fito, ko da yake ina jin dama yana nan ban lura ba. In na ja silaidar da sauri sai in ji ƙas-ƙas-ƙas a cikin kiɗan.

Zainab: Wannan ba na dabarar ba ne, na yadda kike saka lambar ne. In kika rubuta a `gain.value` ninkin yana iya canzawa farat ɗaya, igiyar sautin ta karye, shi ne ƙas ɗin. Ki bar shi ya zame zuwa sabuwar lambar:

```js
gainNode.gain.setTargetAtTime(g, ctx.currentTime, 0.02);
```

Da 0.02, cikin kusan milisakan 60 ya cimma kashi 95 na tafiyar, hannu ba zai ji jinkiri ba. Kar ki ɗauko `exponentialRampToValueAtTime` don sunansa ya yi kama da abin da muke tattaunawa. Ba ya karɓar 0, zai jefo miki kuskure ranar da wani ya kai silaida ƙarshe.

Mamman: Tambaya ɗaya. Ita da take burawuza, me ya hana ta amfani da `audio.volume` kawai?

Zainab: Shi ma ninki ne daga 0 zuwa 1, matsalar tana nan. Kuma a iPhone Safari ba ya barin shafi ya canza shi, kullum 1 yake. Gara ta zauna a `GainNode` ɗinta. A Android ma `MediaPlayer.setVolume` ɗanyen ninki yake karɓa, lanƙwasa shi aikin mai manhaja ne.

Balarabe: Sadiya, wasan ya riga ya fita ko yana hannunki? Ina tambaya ne saboda abin da kike ajiyewa.

Sadiya: Akwai masu gwaji da suke bugawa. Ina ajiye lambar silaidar a `localStorage`.

Balarabe: To ki kula da wannan kafin ki tura. Ajiye matsayin silaida shi ne daidai, ki ci gaba da haka, kar ki ajiye ninki. Amma tsofaffin lambobin ma'anarsu ta canza. Wanda ya bar tasa a 20, da -14 yake ji. Da sabuwar dabarar 20 ta zama -32. Gobe ya buɗe wasan ya ji kiɗa ya ɓace, ya ce kin lalata sauti. Kuma yawancinsu a ƙasa suka bar ta, tun da can ne kaɗai tsohuwar take aiki. Ki juya musu sau ɗaya:

```js
const db = 20 * Math.log10(tsoho);
const sabo = Math.max(0, 1 + db / 40);
```

`tsoho` lambar da kika ajiye ce a raba da 100, wato 20 ta zama 0.2, shi kuma 0.2 zai koma 0.65. Wanda yake 0 zai ba da `-Infinity` a layin farko, `Math.max` ya mayar da shi 0, ba matsala. Ki ajiye sabon a wani suna daban don kar juyin ya maimaitu duk buɗewa.

Zainab: In kuma ninki uku kika zaɓa, `Math.cbrt(tsoho)` ne kawai, 0.2 ya koma 0.58.

Baba Ɗanladi: Ni tambayata, silaida biyu ta ce tana da su, ta kiɗa da ta 'ya'yan dara. In ta lanƙwasa ɗaya ta bar ɗaya miƙe fa?

Balarabe: Sai 50 a nan ta daina zama 50 a can, Baba. Duka biyun su bi aiki ɗaya. In kuma akwai babbar silaida a samansu, ita ma haka, kowacce da `GainNode` nata a jere, su ninka juna da kansu.

Sadiya: Na mayar da su duka kan aiki ɗaya. Sai dai ƙarar 'ya'yan dara gajeriya ce, tak ɗaya, in ana jan silaidarta ba a jin komai sai an koma wasa. Zan sa ta buga tak ɗin duk lokacin da aka saki silaidar. A kiɗan kuma na saka dabarun biyu da maɓallin sauyawa a ɓoye, zan tura wa masu gwaji ba tare da na faɗa musu wacce ce wacce ba. Malam Habu, a faɗin 40 zan tsaya ko in ƙara 45 a cikin gwajin?

Malam Habu: Ki fara tambayarsu da me suke ji. In masu iyafis sun fi yawa ki saka 50 ma. In sifikar waya ce, 45 da 40 ba za su bambance su ba.